Gyaran Taƙaitaccen Tarihi: "Ya Yi Tsawo" Ba Gyara Ba Ne, Sai An Ɗora Yatsa A Kan Layin

Masu iya magana kan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To amma duk wanda ya taɓa kwana yana rubuta takarda, gari ya waye ya miƙa wa na gaba da shi, aka duba ta sama-sama aka ce masa "ai wannan ta yi tsawo" aka mayar masa, ya san akwai gyaran da ya fi sauke mu raba ciwo. An gaya masa akwai cuta, amma ba a nuna masa inda take ba, balle maganinta.

A nan Garwa, da Marwa da Gaundare da sauran garuruwanmu na arewacin Kamaru, da wuya mako ya wuce ba a karanta taƙaitaccen tarihin wani a bainar jama'a ba. Ana karantawa a wurin naɗin sarauta, da walimar wanda ya yi ritaya, da taron ƙungiyar 'yan kasuwa, da bikin raba kyaututtuka a makaranta, da lokacin gabatar da baƙo a gidan rediyo. Galibi kuma wani matashi ne da ya yi boko ake ɗora wa aikin rubutawa. Shi kuwa da Faransanci ya yi karatu, bayanan da zai tattaro daga bakin dattawa da Fulatanci zai ji su, sannan a ce ya karanta da Hausa saboda mahalarta. Takardar da ta ratsa harsuna uku kafin ta kai lasifika, ba abin mamaki ba ne ta iso da rauni.

Korafin da aka fi yi wa irin wannan rubutu uku ne: ko a ce ya yi tsawo, ko a ce kuri ya yi yawa, ko a ce ya sandare kamar takardar gwamnati. Duka ukun kan zama gaskiya. Matsalar ita ce faɗarsu kawai ba ta gyara komai. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne yadda ake mayar da kowanne daga cikinsu gyaran da mai rubutu zai iya aiki da shi, kuma za mu yi haka ne da wani rubutu da ya zo teburinmu, wanda ya yi zuwa huɗu kafin ya nuna.

Takardar da ta zo mana

Bayan rasuwar Isa Hayatu, tsohon shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, a watan Agustan 2024, wasu matasan unguwa suka shirya 'yar gasar ƙwallo don tunawa da shi. Wani malamin firamare, wanda shi ne ke riƙe musu lasifika a filin, aka ce ya rubuta tarihin marigayin ya karanta kafin wasan ƙarshe. Ya zo mana saura kwana huɗu, takarda shafi uku a hannu, rai a ɓace. Ya ce ya nuna wa mutum uku. Na farko ya ce ta yi tsawo, na biyu ya ce yabo ya yi yawa, na uku ya ce babu armashi. Ya koma gida ya yi ƙoƙarin gyara duka ukun a dare ɗaya, sai ga takarda ta ƙara tsawo, domin garin neman armashi ya ƙara kirari, garin rage kirari kuma ya ƙara bayani.

Abin da ke gabansa ba ƙarami ba ne. A garin marigayin zai karanta, a gaban mutanen da wasunsu sun san shi ido da ido, wasu ma danginsa ne. Kuskure ɗaya a irin wannan wuri ba ya mutuwa a filin, sai ya bi mutum har majalisar shayi.

Zuwa na farko: tsawo

Ba mu fara da karanta takardar ba. Tambaya uku muka yi masa: su wa za su saurara, minti nawa aka ba ka, kuma a zaune suke ko a tsaye? Ya ce matasa ne da 'yan dattawa a rumfa, minti biyu aka ba shi kafin alƙalin wasa ya hura usur, kuma mafi yawan jama'a a tsaye suke cikin rana. Wanda ya san ranar Garwa ya san ba a yi wa mutum doguwar huɗuba a cikinta.

Daga nan muka ce ya tashi tsaye ya karanta da ƙarfi, yadda zai yi a fili, muka duba agogo. Ya ci minti bakwai da 'yan daƙiƙai. Da muka ƙirga, takardar tana da kalmomi kusan 900. Ke nan yana karanta kalmomi kimanin 125 a minti ɗaya, kuma minti biyunsa ba za su ɗauki fiye da 250 ba. A nan ne "ta yi tsawo" ta koma magana mai amfani. Muka ce masa: "Malam, kalmomi 250 gare ka, ka rubuta 900. Sai ka zubar da 650. Ga inda za su fito."

Wuri na farko shi ne tarihin garin Garwa da ya buɗe da shi, tun daga kafuwarsa a bakin kogin Binuwai. Masu sauraro 'yan garin ne, ba su zo jin labarin garinsu ba. Wuri na biyu shi ne sakin layi guda da ya yi a kan 'yan'uwan marigayin: Sadu Hayatu da ya yi Firayim Minista daga 1991 zuwa 1992, da Alim Hayatu da ya riƙe sarautar Lamiɗon Garwa har rasuwarsa a 2021. Duk gaskiya ne, amma tarihinsu ne, ba nasa ba. Jimla ɗaya da za ta ce ɗan gidan sarautar Garwa ne ta wadatar. Wuri na uku shi ne jerin kwamitoci da lambobin yabo da ya cika rabin shafi da su, waɗanda ko shi mai karantawar sai da ya yi tuntuɓe a kansu.

Sai muka ba shi ma'auni: ya zaɓi abubuwa biyar kacal da yake so yaro ɗan shekara goma sha biyar ya koma gida da su. Ya ɗan yi gardama, ya ce rayuwar mutum irin wannan ba ta shiga cikin abu biyar. Muka tuna masa da wani ɗan Garwan, Ahmadu Ahijo. An haife shi a nan a 1924, ya shugabanci Kamaru daga 1960 zuwa 1982, ya sauka da kansa, ya rasu a Dakar a 1989. Layi biyu ke nan, kuma wanda bai san shi ba ya sami ƙashin bayan labarin. Taƙaitaccen tarihi ba rumbu ba ne da ake zuba duk abin da aka noma, samfur ne da ake ɗiba a tafin hannu.

Mai karatu zai lura cewa a wannan zama ba mu ce uffan a kan kirari ko kan sandarewar harshe ba, alhali muna ganinsu. Da gangan muka yi. Ba a yi wa katangar da za a rushe shafe. In ka ɓata sa'a guda kana gyara jimlar da gobe za a cire, ka wahalar da kanka, ka kuma sa mai rubutun ya ƙara ƙaunarta har ya ƙi rabuwa da ita.

Zuwa na biyu: kuri

Washegari ya dawo da shafi ɗaya. Tsawo ya daidaita, kuma da ciyawa ta ragu sai macijin ya fito fili. A tsakiyar takardar akwai wannan jimla: "Gwarzon gwaraza, uban ƙwallon Afirka wanda ba a yi kamarsa ba kuma ba za a yi ba, wanda ya shugabanci FIFA, ya kai ƙasashen gasar Afirka 24, ya kawo gasar har Garwa, kuma har ya bar duniya ba a taɓa zarginsa da komai ba."

Da mun ce masa "kuri ya yi yawa" kawai, da farkon jimlar zai goge ya bar sauran, alhali sauran ne suka fi haɗari. Don haka muka ɗauki jan biro muka raba jimlar gida huɗu, domin kuri iri huɗu ne a cikinta, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne kirarin da ba shi da shaida: gwarzon gwaraza, ba a yi kamarsa ba. Wannan ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba ce, ba abin da za a iya aunawa. Kirari aikin maroƙa da bambaɗawa ne, kuma suna da lokacinsu a wurin taro, sun fi mai takarda iyawa. Maganinsa shi ne a tambayi kowace kalmar yabo: me ya yi da ya sa ka ce haka? Amsar ita za a rubuta. Da muka tambaye shi me ya sa ya ce uban ƙwallon Afirka, ya ce ai ya daɗe a kan kujerar. Shekara nawa? Daga watan Maris na 1988 zuwa watan Maris na 2017, shekara 29 ke nan. Muka ce to rubuta haka, ka bar jama'a su yi kirarin da bakinsu.

Na biyu shi ne gaskiyar da aka ja ta ta wuce tsawonta. Isa Hayatu ya zauna a kujerar shugaban FIFA, amma riƙon ƙwarya ya yi, daga watan Oktoba na 2015 lokacin da aka dakatar da Sef Blata, zuwa watan Fabrairun 2016 da aka zaɓi sabon shugaba. Bai cika wata biyar ba. Ya taɓa neman kujerar ta hanyar zaɓe a 2002, Blata ya kayar da shi da ƙuri'a 139, shi yana da 56. Kalma ɗaya ce ta faɗi daga jimlar, wato "riƙo", kuma faɗuwarta ta mayar da gaskiya ƙarya. Wannan shi ne kurin da ya fi yawa a tarihin da ake karantawa a tarukanmu: mataimaki ya zama shugaba, wanda ya halarci bita ta mako biyu ya zama wanda ya yi karatu a ƙasar waje.

Na uku shi ne ɗora wa mutum aikin wani. Gasar cin kofin Afirka ta koma ta ƙasashe 24 ne a 2019, bayan ya sauka, a zamanin Ahmad Ahmad na Madagaska wanda ya kayar da shi a 2017. Abin da ya faru a zamaninsa shi ne gasar ta tashi daga ƙasashe takwas zuwa 12 a 1992, sannan 16 daga 1996. Haka nan batun kawo gasa Garwa. A 2014, yana shugaba, aka ba Kamaru masaukin gasar, amma sai a farkon 2022 aka buga ta, lokacin da Najeriya ta yi wasanninta a filin Rumde Ajiya. Ya bar kujera kusan shekara biyar kafin nan. Gaskiyar da ke nan ta isa abin alfahari, ba ta buƙatar ƙari.

Na huɗu shi ne ya fi nauyi, wato musanta abin da duniya ta sani. A 2011 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya tsawata masa kan wasu kuɗi da ya karɓa daga wani kamfanin tallan wasanni, shi kuwa ya ce na bikin cikar CAF shekara 40 ne. A 2021 FIFA ta dakatar da shi na shekara guda kan wata yarjejeniyar nuna wasanni, sannan kotun ɗaukaka ƙarar wasanni ta soke hukuncin a 2022. Malamin ya tambaye mu ko dole ne ya faɗi waɗannan a wurin tunawa da mamaci. Muka ce a'a. Minti biyu a filin ƙwallo ba zaman kotu ba ne, kuma al'adarmu da addininmu sun hore mu da ambaton alherin wanda ya rasu. Kana da ikon yin shiru a kan abu, amma ba ka da ikon cewa bai faru ba. Aka cire wannan gaɓar ɗungurungum.

Zuwa na uku: sandarewa

Da ya dawo a rana ta uku, takardar ta zama gaskiya tsantsa, amma ta bushe kamar kilishin bara. Ga yadda ta fara: "An haife shi a ranar 9 ga watan Agusta na shekarar 1946. Mai riƙe da takardar shaidar koyar da wasannin motsa jiki. Naɗawa a matsayin Babban Sakatare a shekarar 1974. Zaɓuwa a matsayin Shugaba a shekarar 1988."

Duk wanda ya taɓa cika takardar neman aikin gwamnati a ƙasar nan ya san inda wannan salo ya fito. Tsarin takardar bayanin kai ta Faransanci ce aka sa wa rigar Hausa. A can ana jera kwanan wata da muƙami ba tare da aikatau ba, domin ma'aikacin ofis da ido zai bi ta, yana neman shekara da matsayi. Kunne kuwa ba ya jin jeri, labari yake ji. Wanda ya ce wa malamin "babu armashi" ya ji ciwon daidai, amma bai san sunansa ba.

Gyara uku muka ba shi, kowanne da layinsa. Na farko, duk inda ya rubuta "naɗawa" ko "zaɓuwa", ya faɗi wanda ya yi aikin: suka zaɓe shi, aka ba shi, ya riƙe. Na biyu, ya rage lissafi. Mai sauraro ba zai riƙe ranar wata da wata da shekara ba, shekara kaɗai ta isa, wani wurin ma shekarun mutumin sun fi shekarar kalanda shiga kunne. "Yana da kimanin shekara 28 aka ba shi babban sakatare" ya fi "a shekarar 1974" tsayawa a zuciyar matasan da ke tsaye a filin, domin sa'anninsu ne. Na uku, ya karanta kowace jimla da numfashi ɗaya, wadda numfashinsa ya ƙare kafin ta ƙare, a raba ta biyu.

Sannan muka yi masa dabarar da ba ta taɓa ba mu kunya ba. Muka kife takardar a kan tebur muka ce: "To Malam, manta da ita. Ga baƙo daga Yola bai san Isa Hayatu ba, gaya masa ko wane ne." Sai ga shi yana cewa ai mutumin ya tarar Afirka na da gurbi biyu a gasar duniya, ya bar ta da biyar. Muka ce tsaya nan, rubuta wannan yadda ka faɗe shi. Jimlar da ta fi kowace kyau a takardar daga bakinsa ta fito, ba daga bironmu ba.

Zuwa na huɗu: abin da gyara ya ɓata

Akwai zaman da mutane da yawa ke tsallakewa, wato na duba ɓarnar da gyaran kansa ya yi. Garin gudun kuri, malamin ya cire har kalmar "marigayi", ya cire gaisuwar buɗewa, ya cire addu'ar rufewa. Da ya karanta haka a gaban dattawan Garwa, da ba su ce ya yi tsawo ba, da sun ce ba shi da ladabi, wanda ya fi muni. Muka ce ya mayar da waɗannan ukun. Girmamawa daban, kuri daban. Ga abin da ya karanta ranar wasan:

"Jama'a, wannan gasa tamu ta tunawa ce da marigayi Isa Hayatu, ɗan wannan gari namu. A nan aka haife shi a 1946, a gidan sarautar Garwa. Tun yana saurayi ya yi suna a tseren mita 400 da mita 800, ya kuma buga wa Kamaru ƙwallon kwando, kafin ya zama malamin wasannin motsa jiki. Yana da kimanin shekara 28 aka ba shi babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. A 1988 ƙasashen Afirka suka zaɓe shi ya shugabanci CAF, ya kuma riƙe ta shekara 29. Ya tarar ƙasashe takwas ke buga gasar cin kofin Afirka, ya bar su 16. Ya tarar Afirka na da gurbi biyu a gasar cin kofin duniya, ya bar ta da biyar. A zamaninsa aka fara buga wannan gasa a nahiyarmu, a Afirka ta Kudu a 2010. Da rikici ya taso a FIFA a 2015, shi aka ba riƙon hukumar na 'yan watanni har aka yi zaɓe. A zamaninsa aka ba Kamaru masaukin gasar Afirka, kuma Allah Ya nuna masa lokacin da aka buga ta a filin Rumde Ajiya. Ya rasu a birnin Faris a watan Agustan 2024, saura kwana ɗaya ya cika shekara 78, aka kawo shi gida aka yi masa sutura a Garwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

Kalmomi 200 da 'yan kai, ƙasa da minti biyu, har da sauran lokacin da jama'a za su ce amin. Babu gwarzo a ciki, babu uba, amma wanda ya saurara ya san an yi babban mutum.

In tarihin naka ne

Abin da muka faɗa ya shafi tarihin wani, to yaya in mutum nasa zai rubuta, don neman aiki, ko takara, ko bangon littafi? Matakan ba su canza ba, sai dai a yankinmu cutar kan zo ta bayan gida. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, Fulani kuma suna da kunyarsu da suke kira semtende, wadda ke hana mutum faɗar abin da ya yi. Don haka sau da yawa rubutun farko ba kuri ke damunsa ba, ɓoyewa ce. A ce ga malamin gona da ya shekara goma sha biyu yana bin ƙauyukan manoman auduga, sai ya rubuta "na ɗan taɓa aikin gona". In ka ce masa "ka yi sanyi da yawa", gobe zai dawo da "ƙwararre mai hazaƙa da jajircewa", ya faɗa ɗaya ramin. Gyaran da zai amfane shi tambaya ce: shekara nawa, ƙauye nawa, a wace gunduma, wa zai shaida? Amsoshin su ne tarihin, kuma faɗarsu ba yabon kai ba ne.

Dubi yadda ake gabatar da marubuciyar nan Jaili Amadu Amal. Ya isa a ce an haife ta a Marwa a 1975, kuma a 2020 littafinta ya ci kyautar Gonkur ta ɗaliban sakandaren Faransa. Duk wanda ya ƙara "shahararriya" a kai, bai ƙara mata komai ba. Wanda kunya ta hana shi cewa "na yi", ya rubuta da "ya yi" ko "ta yi", kamar wani yake ba da labari, zai ga hannunsa ya saki.

Inda gyara ke tsayawa

Akwai haɗari biyu da ya kamata mai gyara ya kiyaye. Na farko shi ne ya karɓe biron ya sake rubuta takardar da kansa. Ya fi sauri, ba shakka, amma mai karantawa zai tsaya a gaban jama'a da kalmomin da ba nasa ba, harshensa ya riƙa sarƙewa, kuma gobe in an sake ba shi aikin zai dawo da shafi uku. Nuna layin, faɗi dalili, ba da ma'auni, ka bar shi ya gyara. Ka kuma gaya masa layin da ya yi kyau don kada ya taɓa shi, domin wanda aka yi wa gyara da yawa yakan goge har mai kyaun.

Na biyu shi ne yawan masu gyara. Takarda takan nuna, sai a kai wa kawu ya ce ina sarautun, a kai wa baffa ya ce ina sunan kakanni, kafin a ankara ta koma inda ta fito. Ba a yi wa manya gardama a kan wannan, amma akwai mafita: a jera laƙabobi da sarautu cikakku sau ɗaya a farko, daga nan a ci gaba da suna ɗaya, a kuma sanar da su minti nawa masu taro suka bayar. Agogo yakan faɗi abin da yaro ba zai iya faɗa wa babba ba. In an kai zuwa na huɗu, gyaran da ake kawowa kuma ya koma sauya kalma da 'yar'uwarta, to rubutu ya nuna, a sauke tukunya.

Malamin namu ya sake leƙo mu bayan 'yan makonni, wannan karon da tarihin shugaban makarantarsu da zai yi ritaya. Kafin mu buɗe baki ya ce minti uku aka ba shi, ya auna da agogo, kuma ya bar mana alama a wurare biyu da yake shakkar ko ya ja gaskiya ta wuce tsawonta. Ɗaya daga ciki kuwa ya ja ta. Allah Ya ba mu masu gaya mana gaskiya, Ya kuma ba su haƙurin nuna mana layin.